Yadda zoɓon Umma ya shiga CV ɗina

A makon da sashenmu ya raba mana wasiƙar neman gurbin SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki, duk 'yan ajinmu wuri ɗaya muka nufa: shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar makaranta. Ina aji uku a jami'a, ina karatun ƙananan halittu, wato maikurobayoloji, kuma doka ce mu yi wata shida a wani wurin aiki kafin mu shiga ajin ƙarshe. Hukumar ITF mai hedikwata a Jos ce ta kafa shirin tun 1973, amma ba ita ke nema wa ɗalibi wuri ba. Makaranta ta ba ka wasiƙa da littafin rubuta aikin kullum, kai kuma ka ɗauki ƙafa ka nemi inda za a karɓe ka. Wurare da yawa yanzu sai sun ce ka haɗo da CV.

Ni ban taɓa aiki a ko'ina ba, ko na kwana ɗaya. Haka na faɗa wa mai shagon, ya ce wannan ba matsala ba ce, yana da samfuri. Ya buɗe CV ɗin wani a kwamfuta, yana tambayata yana goge na mutumin yana sa nawa. Cikin minti goma sha biyar ya miƙo mini shafi biyu da rabi. Akwai ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, ƙabila, addini, aure ko babu, makarantar firamaren da na yi, da wani dogon sakin layi na Turanci mai nauyi wanda ni kaina ban gama gane shi ba. Na yi fotokwafi bakwai, na zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ina ajiyewa a wurin masu gadi. Sati uku ba wanda ya kira ni.

Umma ce ta ce in je wurin Kawu, yayanta, wanda ya yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata na wata masana'anta kafin ya yi ritaya. Sunan mahaifiyarsu na ci, don haka Uwata yake kirana. Na same shi bayan la'asar a kan tabarma a zaure. Ya sa tabarau, ya juya shafukan a hankali, sai ya tsaya a na biyu.

"Uwata, yaushe kika fara buga ƙwallo ban sani ba?"

Na karɓa na duba. Ga abin da na raba wa kamfanoni bakwai:

```
Work Experience: Nil
Hobbies: Reading, travelling, playing football
```

Ƙwallon na mai takardar asali ne, mai shagon ya manta bai goge ba, ni kuma ban karanta ba. Kawu ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ƙwallon ba shi ne babban laifin ba. Layin da ke samansa ya fi damunsa. Ya ce na ɗauki shafi biyu da rabi ina ba da labarin asalina, sannan a wuri ɗaya tak da mai karatu zai duba ya ga amfanina na rubuta masa "babu" da hannuna.

Ya bayyana mini yadda takardar ke tafiya bayan na bar ta a bakin ƙofa. Mai gadi ya tara su, a kai ofis, a ware ta masu SIWES a tura wa shugaban sashen da abin ya shafa. Wannan mutumin yana tsakiyar aikinsa ne, kuma ya san sarai ɗalibar aji uku ba ta taɓa aiki ba. Ba ya neman hakan a wurina. Tambayarsa ɗaya ce: in na karɓi yarinyar nan, me zan iya damƙa mata ranar Litinin ba tare da na tsaya a kanta ba? Duk layin da bai amsa wannan ba, cin wuri yake yi. Shi ya sa shafi ɗaya. Ya ce shi a iya zamansa a ofis, da wuya ya juya zuwa shafi na biyu na takardar ɗalibi, in kuwa aka cire ƙusar da ta haɗa su, na biyun ɓata yake yi.

Sai ya tambaye ni wane wuri na fi so a cikin bakwai ɗin. Na ce wata masana'antar ruwan roba da lemo a Sharaɗa, saboda suna da ɗakin gwaji. Ya ce, "Me suke yi a ɗakin gwajin?" Na ce gwaji. Ya cire tabarau ya dube ni, bai ce komai ba.

A nan ne ainihin wahalar take. Duk shawarar da za ka ji game da gyara CV tana cewa ka karanta tallar aikin ka daidaita takardarka da ita. To gurbin SIWES galibi ba shi da talla. Ba wanda ya rubuta cewa yana neman mai iya kaza da kaza. Dabarar da ta fisshe ni, wata 'yar aji huɗu ce da ta yi nata a irin wannan masana'anta a shekarar da ta gabata. Na roƙe ta aron kwafin rahoton da ta miƙa wa sashe, da hotunan littafinta na aikin kullum da ta ɗauka a waya kafin ta mayar. Na zauna da su dare ɗaya ina ƙirga abin da ya fi maimaituwa. Sati ashirin da huɗu, amma aikin bai wuce kala biyar ba: ɗebo samfurin ruwa daga layin sarrafawa, auna pH, wato tsamin ruwan, haɗa abincin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai a dafa shi a otokilab, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, shuka samfurin a ƙirga abin da ya tsiro, sai kuma rubuta sakamakon kowane rukunin kaya a rajista. Rubutun rajistar nan kullum ne, ba fashi. Wannan jerin ya zame mini tallar aikin da ba a buga ba.

Da na koma, Kawu ya ce in zo da littattafan firaktikal ɗina tun daga aji ɗaya. Ya ja layi biyu a farar takarda, ta rabu gida uku: abin da na yi da hannuna, abin da na tsaya na ga ana yi, da abin da a allo kawai na san shi. Duk wanda ya yi firaktikal a aji mai cunkoso ya san dalilin wannan rabon. Mu goma sha biyu ne a rukuninmu, madubin hangen ƙwayoyin cuta ɗaya, mutum biyu ko uku ke taɓa kaya, sauran su leƙa ta saman kafaɗa, amma rahoto kowa ya rubuta kamar shi ya yi. Da na zo cike gidajen, sai na ga littafina ya fi ni iya aiki. Rinin Gram, wanda ake bambance ƙwayoyin cuta da shi a madubi, na yi shi sau da yawa. Haɗa aga, wato abincin shuka ƙwayoyin nan, da dafa shi ni ake bar wa a rukuninmu, saboda sai an zo da wuri kuma ba mai so. Sirka samfuri kashi goma-goma, mililita 1 cikin mililita 9 ana gangarawa daga kwalba zuwa kwalba, na yi a kan ruwan rijiyoyin da muka ɗebo daga unguwanni. Amma na'urar auna pH, ta lantarkin, sau ɗaya na ga ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya saita ta. Mu takardar nan mai sauya launi muke tsomawa.

Na so in sa na'urar a CV, tunda ta fito a littafin 'yar aji huɗun kusan kowace rana. Na ce, "Kawu, ai kowa haka yake yi, in na je zan koya." Ya ce, "In kika rubuta, za a miƙo miki ita a gaban mutane. Wanda ya ce bai iya ba, koya masa ake yi. Wanda ya ce ya iya kuma aka ga bai iya ba, daga ranar ko wanke kwalba sai an duba bayansa." Gida na farko kaɗai ya shiga takardar.

Yadda za a rubuta su ma sai da muka sha fama. Na fara da jera sunaye kawai: otokilab, rinin Gram, da sauransu. Kawu ya ce wannan jadawalin darasi ne, duk 'yan ajinmu za su iya kwafa. Ya ce kowane layi ya fara da aikatau, ya faɗi a kan me na yi, sannan ya ɗauki adadi ɗaya da zai nuna na kasance a wurin da gaske. Bayan gogewa da sakewa kusan sau biyar, suka koma haka:

```
Prepared and sterilised nutrient and MacConkey agar (121°C, 15 min) for a 12-member practical group
Carried out ten-fold serial dilution and plate counts on well-water samples
```

Taken "ƙwarewar aiki" ma muka cire shi gaba ɗaya, tunda shi ne ya jawo kalmar "babu". A madadinsa muka sa `Laboratory Practicals`, muka zuba layi huɗu a ƙarƙashi. Ba ƙarya a ciki: ban ce kamfani na yi wa ba, na faɗi fili cewa aikin makaranta ne.

Sai zancen rajista, abin da masana'antar ke yi kullum. A makaranta ba ni da abin da ya yi kama da shi. Ina cikin tunani Kawu ya ce, "Littafin nan mai baƙin bango da ke kan firjin uwarki, wa ke rubutu a ciki?" Ni ce. Umma tana yin zoɓo da kunun aya ana kai wa shaguna huɗu a unguwa, kuma tun 2021 ni ke rubuta roba nawa aka ɗura, nawa aka kai wa kowane shago, nawa suka dawo. Ni ke lura da wanke robobin da tace ruwan. Ni ce ma na gano cewa kunun ayar da ke dawowa da tsami kusan duk daga shago ɗaya yake, mai kashe firjinsa da daddare, muka rage abin da ake kai masa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. Gaskiya ma kunya na ji. Ina 'yar jami'a zan rubuta wa kamfani cewa ina sayar da zoɓo?

Kawu ya ce in yi tunani a kan abin da masana'antar ke sayarwa. Abin sha ne a roba, ana yin sa rukuni-rukuni, yana iya lalacewa, ana rubuta lissafinsa. Bambancinsu da Umma girma ne da injina da lambar NAFDAC. Muka rubuta:

```
Production assistant, family beverage business, Kano (2021–date)
Kept daily records for 60–80 bottles: quantity made, supplied and returned
Traced repeated spoilage to poor cold storage at one outlet
```

Na ce a sa "manaja", ya ƙi. Ya ce manajan da ke neman gurbin koyon aiki abin dariya ne, kuma Umma tana nan da ranta, ita ce manaja. Adadin ma bai yarda in faɗa da ka ba, sai da na koma gida na buɗe littafin na duba watanni uku na baya. Da zafi muna kai tamanin, da sanyin hunturu da ƙyar muke haura sittin.

Karantarwar da nake yi a Islamiyyar unguwarmu ranar Asabar da Lahadi ta samu layi ɗaya, da adadin yaran da rajistar halartarsu. Riƙon kuɗin aji da na yi a aji biyu shi ma layi ɗaya, domin da shi na nuna na taɓa Excel da gaske, maimakon in rubuta cewa na iya kwamfuta kawai.

Maki ya ɗan ba ni ciwon kai. Ina da 3.41 ne a cikin 5.00, kuma mataki na biyu mai daraja ta sama daga 3.50 yake farawa, wato da kaɗan na gaza. Ƙawayena suka ce in ɓoye. Kawu ya ce wanda ya ɓoye maki, mai karatu yakan ɗauka ya fi haka muni, kuma 3.41 ba abin ɓoyewa ba ne. Na rubuta shi da ma'auninsa, don akwai makarantun da ke lissafi a kan 4.00. A ƙarƙashinsa na zaɓi kwasa-kwasai huɗu kacal da suka shafi aikin, har da kwas ɗin sinadarai da muka yi awon ruwa a ciki. Firamare ta fita. Sakandare ta koma layi ɗaya da shekara, ba tare da jera sakamakon darasi tara ba.

Abin da muka zubar ya fi abin da muka ƙara yawa: addini, ƙabila, aure, ƙaramar hukuma, abubuwan sha'awa, har da hoton fasfo da na so in manna. Kawu ya ce hukumomin gwamnati kan nemi jihar asali, amma a fom ɗinsu za su tambaya, ba sai na tallata ba. A adireshi unguwa da gari kawai na bari, kuma ya ce wannan yana da amfani: mai ɗauka yana so ya san ko zan iya isowa ƙarfe takwas. Imel ɗina na lokacin sakandare ne, mai laƙabi da lambobi, na buɗe sabo da sunana na gaskiya. Dogon sakin layin nan na farko kuwa ya koma jimla biyu:

```
300-level Microbiology student seeking a 24-week SIWES placement in a quality control laboratory. Available from April.
```

Jimlar ƙarshen nan ban taɓa ganin ta a CV ɗin wani ɗan ajinmu ba, alhali ita ce abin da ofis ke fara buƙata. Guraben ƙidayayyu ne, ɗaliban kwalejojin fasaha da na jami'o'i daban-daban ba lokaci ɗaya suke fitowa ba, kuma tsawon zamansu ba ɗaya ba ne. In ba ka faɗi yaushe da tsawon lokacin ba, sai an kira ka an tambaya, kuma ba kowa ke da wannan haƙurin ba.

Masu tsaya mini na rage su daga uku zuwa biyu, kowa layi ɗaya. A ta farko, mai shagon ya sa in rubuta sunan shugaban sashenmu, wanda ko a hanya bai san fuskata ba. Wannan karon na je wurin malamar da ke kula da firaktikal ɗinmu na nemi izini, na ba ta kwafi, don in an kira ta kada ta ce wace ce.

Bugawar da kaina na yi a kwamfutar ƙawata. Takarda A4, rubutu mai girman 11, sunana 16, gefuna na rage su daga santimita 2.54 zuwa 2. Da farko layi uku suka zubo shafi na biyu, na so in matse rubutun zuwa 9. Na buga gwaji na kai wa Kawu, ya riƙe takardar nesa da fuskarsa ya ce shi ba ya gani, kuma yawancin masu karanta ta sa'o'insa ne. Sai na yanke kalmomi maimakon girman rubutu. Wani kuskuren da na kusa yi: na tura wa kaina fayil ɗin na buɗe a waya, sai na ga komai ya goce, masu tsaya mini sun koma shafi na biyu, domin wayar ba ta da irin salon rubutun da na zaɓa. Daga nan PDF kawai nake turawa, da suna irin `Suna_CV_SIWES.pdf`, ba irin sunan da kwamfuta ke ba sabon fayil ba.

Don kada in zuba ƙwaina duka a kwando ɗaya, na yi takarda ta biyu saboda ɗakin gwajin asibiti. Ba sabon abu a cikinta, jeri ne ya sauya. Rinin Gram da aiki da madubi suka hau sama, gwajin ruwan rijiya ya sauko, zoɓo ya koma layi ɗaya, jimlar farko ta ambaci asibiti. Minti ashirin ta ɗauke ni. Haɗarin da ke ciki kawai shi ne a kai wa wani ta wani, don haka na rubuta harafi da fensir a bayan kowane ambulan.

Wurare huɗu na kai a zagaye na biyu, masana'antu biyu da asibitoci biyu. Kawu bai kira mini kowa ba, ko da yake na yi ta zagaye-zagaye ina nuna masa ina so. Abin da ya ba ni kawai shi ne in daina barin takarda a hannun mai gadi, in nemi a shigar da ni wurin sakatare, in kuma rubuta sashen da nake nufi a bayan ambulan. Ba zan ce takarda ce ke yin komai ba. A ajinmu akwai waɗanda waya ɗaya daga babansu ta samar musu wuri, CV ɗinsu kuwa har da ƙwallon. Asibitocin biyu ba wanda ya amsa mini. Masana'anta ɗaya ta ce gurbi ya cika. Ta Sharaɗa ta kira ni bayan kwana tara.

Shugabar ɗakin gwajin ba ta zaunar da ni a ofis ba, a tsaye muka yi magana kusa da otokilab, takardata a hannunta. Ta nuna layin farko na firaktikal ta ce minti goma sha biyar ɗin daga yaushe ake fara ƙirgawa. Na ce daga lokacin da zafin ya kai 121, ba daga kunna na'ura ba. Ta ce in ta ga tsiro mai launin hoda a kan agan MacConkey me zan ce mata. Na ce alama ce ta ƙwayoyin da ke narkar da sukarin madara, irin dangin da ake tsoro a ruwan sha, amma sai an ƙara gwaji kafin a kama suna. Sai ta ɗauko na'urar pH ta ce na iya saita ta? Na ce na ga ana yi da ruwan 7 da na 4, amma ban taɓa yi da hannuna ba. Ta ce ba komai, aikin rabin awa ne.

A kan layin kunun aya ta fi daɗewa. Ta ja masa layi da jan biro tun kafin in zo. Ta tambayi yadda na gane shagon, na ce a littafin na ga robobin da ke dawowa kusan duk ranar Talata da Juma'a ne, kwanakin da ake karɓo na wurinsa. Ta gyaɗa kai, ta jawo wata ƙatuwar rajista daga kan kanta ta buɗe mini shafin ranar, ta nuna inda ake sa lambar rukuni da lokacin ɗebo samfuri da sa hannu. Ta ce in zo da wasiƙar makaranta a buga mata hatimi, in kuma sayi farar riga da hular rufe gashi kafin Litinin.